Kafin Tafiya Dogon Hutu: Yadda Ake Rubuta Takardar Miƙa Aiki

A ofisoshi da yawa, babban akanta ko sakatare kan tafi hutu ne da gangar jiki kawai. Wayarsa tana nan bakin aiki. Mace tana cikin wankan jego a kira ta a tambaye ta ina fayil ɗin wane yake. Alhaji yana Mina a aiko masa da saƙo ana neman kalmar sirrin kwamfuta. Ba mugunta ce ke kawo hakan ba. Abin da ke faruwa shi ne, rabin aikin yana cikin kan mutum ɗaya, kuma da ya fita ƙofa ya fita da shi.

Maganin wannan ita ce takardar miƙa aiki, wato rubutun da mai tafiya yake barin wa wanda zai yi masa riƙon ƙwarya. Kusan kowane ma'aikaci ya taɓa jin sunanta, amma abin da aka fi rubutawa jerin ayyuka ne kawai: biyan albashi, biyan haraji, kula da asusun banki. Wannan jerin ba ya amfanar kowa, domin mai riƙon ƙwarya ya riga ya san ana biyan albashi. Abin da bai sani ba shi ne ranar da ake fara haɗa shi, wanda ke kawo alƙaluman, wanda ke sa hannu, da abin da ake yi idan mai sa hannun ya yi tafiya. Ma'aunin takarda mai kyau guda ɗaya ne: wanda aka bar wa ita ya iya kammala aikin wata guda cur ba tare da ya kira mai ita ba.

Dogon hutu ya bambanta da na mako guda, wanda ake iya cewa komai ya jira. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mace mako 12 na hutun haihuwa, shida kafin ta haihu, shida bayan haihuwar. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16. Jihar Legas tun 2014, da Jihar Kaduna tun 2019, suna ba ma'aikatansu mata wata shida. Matar da mijinta ya rasu tana yin takaba wata huɗu da kwana goma. Mai zuwa ƙaro karatu kan yi shekara ko fiye. A cikin irin wannan tsawon lokaci babu wa'adin da zai jira. Kowane aiki na wata-wata zai zo sau uku ko huɗu, kuma wani aikin da ake yi sau ɗaya a shekara zai iya faɗowa a tsakiya.

Domin maganar ta fito fili, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani kamfani ne a Kano da ke rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwa, yana da ma'aikata talatin. Akantarsa mace ce, za ta tafi hutun haihuwa na wata huɗu, daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Kashiyan kamfanin ne zai riƙe mata. Ya iya lissafi, yana da amana, amma bai taɓa tura haraji ko kuɗin fansho da hannunsa ba.

A nemo ayyukan daga takardu, ba daga ƙwaƙwalwa ba

Idan akantar ta zauna da biro ta ce bari ta tuno duk abin da take yi, za ta rubuta manyan ayyukan ta manta da ƙananan. Aikin da mutum ya daɗe yana yi hannu ne ke yinsa, ba ya ma lura da shi. Saboda haka hanyar da ta fi ita ce ta bi sawun kanta. Ta ɗauko bayanan asusun banki na wata goma sha biyu da suka wuce, ta bi su layi-layi, duk kuɗin da ya fita ta tambayi kanta wane aiki ne ya haifar da shi. Ta buɗe saƙonnin imel da ta aika, ta duba kalandar teburinta da littafin rasit. A nan ne za ta ci karo da abubuwan da ba za su taɓa zo mata a rai ba: inshorar motar rabon kaya da ke ƙarewa a Disamba, kuɗin hayar sito da ake biya a Janairu, sabunta manhajar lissafi da idan ta ƙare kwamfuta ke ƙin buɗe littafin.

Dalilin duba shekara guda maimakon wata guda shi ne, ayyukan iri uku ne, kuma kowane iri da yadda ake rubuta shi. Akwai masu dawowa kowane mako ko kowane wata, kamar albashi da haraji. Akwai na shekara-shekara, waɗanda sai an duba Nuwamba zuwa Fabrairun bara ake ganin su. Sannan akwai ayyukan da aka fara ba a gama ba. Na farkon ba su cika ɓata ba, domin idan ba a biya albashi ba mutum talatin za su tuna wa kashiya kafin azahar. Na biyu da na uku su ne ke wucewa shiru, babu mai tambaya sai bayan ɓarna ta auku.

Ya kamata a fara wannan aiki wata guda kafin ranar tafiya, musamman a hutun haihuwa. Ranar da likita ya faɗa ƙiyasi ce, kuma kusan jariri ɗaya cikin goma a duniya yana zuwa ne kafin cikar mako 37. Akantar da ta ce sai makon ƙarshe na Oktoba za ta rubuta takardarta, tana iya wayar gari a asibiti a tsakiyar watan, takardar ba ta ko fara ba.

Kowane wa'adi yana da rana biyu

Ga wa'adodin da ke kan teburin wannan akanta kowane wata. Harajin da ake cira daga albashin ma'aikata, wanda a takarda ake rubuta shi PAYE, ana tura shi ga hukumar tara haraji ta jiha kafin ranar 10 ga watan da ke biye ta wuce. Harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ana miƙa bayaninsa da kuɗinsa ga hukumar haraji ta tarayya zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, kuma ko a watan da ba a yi ciniki ba sai an miƙa bayanin. Kuɗin fansho kuwa, dokar fansho ta 2014 ta ce a tura shi cikin kwanakin aiki bakwai daga ranar da aka biya albashi. Sannan ga na shekara: zuwa 31 ga Janairu kamfani yana miƙa wa hukumar harajin jiha bayanin albashin kowane ma'aikaci na shekarar da ta gabata da harajin da aka cire masa. Wannan na ƙarshen ya faɗo daidai tsakiyar hutun, kuma kashiya bai taɓa ganin yadda ake yinsa ba.

Idan takardar ta tsaya a waɗannan ranaku, ta faɗi gaskiya amma ta bar kashiya cikin haɗari. Ranar 21 ita ce ranar hukuma, ranar da ƙofa ke rufewa. Akwai wata ranar da akanta kaɗai ta sani, wato ranar da dole a fara idan ana so a cim ma waccan. Ana samo ta ne ta hanyar lissafi da baya-baya. Kafin a tura VAT sai an haɗa jimlar cinikin watan jiya, kuma mai kula da sito ba ya kawo takardunsa sai an bi shi, don haka a neme su ranar 7. Daidaita su da abin da ya shiga banki yana cin kwana uku ko huɗu, a gama zuwa ranar 12. Manaja ya duba ya amince zuwa 15. A tura ranar 17, domin a bar wa matsalar intanet da cunkoson masu turawa a ranar ƙarshe kwana huɗu na rara. Abin da kashiya zai sa a kalandarsa ke nan: 7, 12, 15, 17. Ranar 21 kuwa a rubuta ta a gefe da jan biro a matsayin iyaka.

Wa'adin fansho ya fi saurin kama baƙo, domin ba shi da tsayayyiyar rana, yana bin albashi ne. A ce an biya albashi ranar Litinin 25 ga Nuwamba. Ana ƙirga Talata zuwa Juma'a, kwana huɗu, a tsallake Asabar da Lahadi, a ƙara uku, sai wa'adin ya faɗa Laraba 4 ga Disamba. To amma kamfanoni da yawa suna biyan albashin Disamba da wuri saboda hutun ƙarshen shekara. Idan an biya ranar 18, wa'adin fanshon ma ya matso, zai cika kafin watan ya ƙare. Wanda ya saba da cewa "ana tura fansho a farkon wata" zai makara ba tare da ya sani ba. Don haka takardar ta rubuta ƙa'idar da kanta, kwanakin aiki bakwai bayan albashi, ba ranar da aka saba ba.

Yana da kyau kuma a faɗi abin da makara ke jawowa, domin shi ne ke nuna wa mai riƙo abin da zai fara yi a ranar da ayyuka suka cakuɗe. A ce albashin da ake lissafa fansho a kansa a wannan kamfani naira miliyan uku ne a wata. Ana cire kashi 8 daga ma'aikata, naira 240,000, kamfani ya ƙara kashi 10, naira 300,000, jimla 540,000. Tarar makara ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ba a tura ba a kowane wata, wato aƙalla naira 10,800. Kuɗin ba su da yawa, amma haƙƙin mutum talatin ne ake riƙe da shi, kuma tarihin makara yana iya damun kamfani ranar da zai nemi takardar shaidar hukumar PenCom domin shiga neman kwangilar gwamnati. Kashiyan da ya san wannan ba zai ajiye fansho ya tafi biyan mai gyaran janareta ba.

Aikin da aka bari a tsakiya

Babu ɓangaren takardar da ya kai wannan buƙatar natsuwa. Masana harkar kiyaye haɗurra a masana'antu suna yawan komawa ga abin da ya faru a Piper Alpha, wani dandalin haƙo mai a tekun arewacin Birtaniya, ranar 6 ga Yuli 1988. Ma'aikatan rana sun cire wani bawul na kariya daga jikin famfo domin gyara, ba su gama ba lokacin tashi ya yi. Labarin bai isa ga ma'aikatan dare yadda ya kamata ba. Da ɗaya famfon ya tsaya, suka kunna wanda aka cire wa bawul, iskar gas ta fita ta kama da wuta. Mutum 167 suka mutu. A ofishin akanta ba rai ake asara ba, kuɗi ne da mutunci, amma hanyar ɓarnar iri ɗaya ce: abu yana kama da kammalalle ga wanda ya zo daga baya, alhali wanda ya tafi ya san da saura.

Ga yadda take kasancewa a misalinmu. Wani dila a Legas ya aiko da kaya na naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. An biya rabi. Da mota ta iso aka tarar katan arba'in sun jiƙe. Akantar ta yi waya da wakilinsa, suka yi ittifaƙi cewa ba za a biya ragowar ba sai an musanya katan ɗin, ko a rage naira 180,000. Duk wannan a waya aka yi. A cikin fayil babu komai sai takardar neman biya da ke nuna saura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ranar da dila ya kira kashiya ya ce kuɗinsa sun daɗe, kashiya zai buɗe fayil, ya ga gaskiya ne, ya biya duka. Bai yi laifi ba. Abin da ya gani ya bi.

Idan aka rubuta "bin sawun dilan Legas" kawai, ba a ce komai ba. Yadda ya kamata ya fito shi ne kamar haka:

"Dilan Legas, kayan Oktoba. Jimla 2,400,000, an biya 1,200,000. Katan 40 sun jiƙe, hotunansu suna cikin fayil mai ruwan ɗorawa a durowa ta biyu. Mun yi magana da wakilinsu cewa ko su musanya ko su rage 180,000, kuma na aika masa imel na tabbatar da maganar, kwafinsa yana cikin fayil ɗin. Kada a biya ragowar sai mai kula da sito ya sa hannu cewa kayan musanya sun shigo. Idan 15 ga Nuwamba ta yi ba su kawo ba, a biya 1,020,000, a sanar da manaja kafin a tura."

Wannan ɗan rubutun ya amsa tambayoyi biyar: ina aka tsaya, me aka yi alkawari, ina shaida take, mene ne mataki na gaba, kuma me za a yi idan ɗaya ɓangaren bai cika ba. Akwai kuma wani abu da rubuta shi ya tilasta wa akantar. Da ta zo rubuta "ina shaida take", sai ta ga babu, don haka ta aika imel ɗin kafin ta tafi. Duk alkawarin baka da ke rataye, na bashin da aka ɗaga wa wani ɗan kasuwa ƙafa, ko rancen da ake cirewa kaɗan-kaɗan daga albashin direba, lokacin mai da shi rubutu ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda zai kwana a ɗakin wata huɗu yana da haƙƙin a nuna masa wuraren tun kafin damina.

Miƙa aiki ba tare da iko ba wahala ce

Mutum zai iya sanin duk abin da zai yi da ranar da zai yi shi, amma ya tsaya cak saboda ba shi da hanyar shiga. A yau kusan duk biyan kuɗin kamfani ta intanet ake yinsa, kuma banki yana aika lambar tabbatarwa, wadda ake kira OTP, zuwa wayar da aka yi rajista da ita. Idan lambar akantar ce, to duk ranar biyan albashi sai an tashe ta daga barci ta karanto lamba. Haka shafin hukumar haraji, haka na kamfanonin fansho, haka imel ɗin da dilolin ke aika takardunsu.

Hanyar da mutane suka fi bi ita ce a ba wa mai riƙo kalmar sirri da na'urar tokin, wani lokaci har da layin waya. Wannan kuskure ne da ke cutar da mutum biyun. Duk kuɗin da ya fita a cikin wata huɗun nan, a littafin banki da sunan akantar ya fita. Idan wani abu ya ɓace, ita ba ta da hanyar nuna ba ita ba ce, shi ma ba shi da hanyar wanke kansa. Abin da ya dace shi ne kamfani ya rubuta wa banki a hukumance a buɗe wa kashiya tasa hanyar shiga da nasa tokin. Idan kuma sa hannu a ceki ya shiga ciki, banki kan nemi ƙudurin daraktoci da cike fom, abin da ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Shi ya sa wannan ne aikin da ake fara turawa tun ranar da aka tsai da wanda zai riƙe. Kalmar sirri kuwa ba ta shiga cikin takardar miƙa aiki ko kaɗan, domin takarda ce da ake kwafa, ake ajiyewa a kan tebur, ake aika wa manaja.

Bayan hanyar shiga sai iyakar iko. Takardar ta faɗa a fili abin da kashiya zai yanke da kansa, abin da sai ya nemi manaja, da abin da zai jira dawowar mai kujera. Misali, duk biyan da bai kai naira 200,000 ba kuma yana da cikakkun takardu, ya biya. Abin da ya haura haka sai da sa hannun manaja. Sabon bashi ga ɗan kasuwa, ko sauya farashi, ba nasa ba ne. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta cancanci layinta daban: duk saƙon da ya ce wani dila ya sauya lambar asusunsa, kada a tura ko kwabo sai an kira shi ta tsohuwar lambar wayar da ke cikin fayil. 'Yan damfara sun san cewa sabon hannu bai san muryar kowa ba. Wannan ɓangare na iko ba akantar kaɗai ke tsara shi ba, manaja ne zai amince ya sa hannu, domin ikon nasa ne yake ba da aro.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar da ake yawan kaucewa. Kashiya yana da nasa aikin. Idan an ɗora masa na akanta a kai ba a sauke masa komai ba, ɗaya daga cikin biyun zai lalace. Takardar ta ware abubuwan da za a dakatar har Maris, kamar sake tsara tsofaffin fayiloli, kuma manaja ya faɗi wanda zai karɓi wani ɓangare na aikin kanta. Akwai dalilin amana ma a ciki: bai dace mutum ɗaya ya zama shi ke karɓar kuɗi, shi ke rubuta su, shi ke daidaita su da banki ba. A cikin watannin riƙon, manaja ko wani daban ya riƙa duba daidaiton asusun kowane ƙarshen wata.

Lambar waya kaɗai ba ta isa ba

Jerin mutane a irin wannan takarda ana tsara shi ne bisa matsala, ba bisa suna ba, domin mai nema da matsala yake zuwa. Idan albashi ya fita daga asusu bai shiga wa ma'aikata ba, ga jami'in banki mai kula da asusun kamfani. Idan rasit ɗin haraji bai fito ba, ga jami'ar da fayil ɗinmu ke hannunta. Idan ma'aikaci ya ce fanshonsa bai shiga ba, a duba wane kamfanin fansho yake, domin ma'aikata talatin ɗin ba wuri ɗaya suke ba, sannan ga wakilin kowanne. A gaban kowane mutum a rubuta hanyar da ta fi kama shi: wannan yana ɗaukar waya da safe, wancan sai an aika imel sannan a bi da kira, waccan sai an je ofis da takarda a hannu. A kuma sa mutum na biyu a kowane wuri, domin a cikin wata huɗu ana yi wa jami'an banki da na gwamnati canjin wurin aiki.

Abu biyu ake kiyayewa. Na farko, kada a rubuta halin mutane. "A tura masa takardu kwana uku kafin a buƙace su" bayani ne mai amfani. "Malalaci ne" kuwa magana ce da za ta iya komawa kunnensa. Na biyu, a gabatar da mai riƙo tun mai tafiya tana nan. Jami'in banki ba zai faɗa wa baƙuwar murya abin da ke cikin asusu ba, kuma daidai ya yi. Ziyara ɗaya tare, ko wasiƙa ɗaya da ke cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu wane ne zai riƙa tuntuɓarku, tana buɗe ƙofar da lambar waya ba za ta buɗe ba.

A gwada takardar tun mai ita tana nan

Mai rubutu ba ya ganin giɓin rubutunsa, domin ƙwaƙwalwarsa tana cike masa shi. A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitocin koyarwa tara na Amurka da Kanada kan wani tsarin miƙa marasa lafiya tsakanin likitoci mai suna I-PASS. Kurakuran aiki sun ragu da kashi 23 cikin ɗari bayan an fara amfani da shi. Ɗaya daga cikin ginshiƙan tsarin shi ne mai karɓa ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, mai miƙawa yana saurare.

A ofis, hanyar yin haka ita ce a bar kashiya ya yi aikin Oktoba da hannunsa, da takardar a gabansa, akantar tana zaune a gefe ba ta taɓa komai. Shi zai haɗa albashi, shi zai shiga banki da tokin ɗinsa, shi zai tura fansho. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan fa daga ina kike samo shi?" to an gano giɓi. Ta amsa masa, sannan a rubuta amsar a cikin takardar nan take. Aikin 31 ga Janairu da ba za a iya gwadawa a Oktoba ba, sai a buɗe na bara a bi shi tare, ta kuma cike masa alƙaluman wata goma da suka riga suka wuce, ya rage masa Nuwamba da Disamba kawai.

Tsawon takardar ma yana da iyaka. Shafin farko kalanda ce ta wata huɗun, mako-mako. Sai shafi ɗaya ko biyu na ayyukan da ke rataye, shafi ɗaya na iko, shafi ɗaya na mutane. Cikakken bayanin yadda ake kowane aiki mataki-mataki ya koma baya a matsayin rataye. Kwafi ɗaya wurin kashiya, ɗaya wurin manaja, dukkansu da sa hannun mutum ukun da kwanan wata, tare da lissafin abin da aka damƙa hannu da hannu: makullin sef, littattafan ceki da lambar shafin da aka tsaya, da kuɗin da aka ƙirga a gaban juna.

Layi na ƙarshe a takardar shi ne ƙa'idar kira. Akantar ce za ta faɗi abin da ta yarda da shi, misali kada a neme ta sam a mako shida na farko, bayan haka kuma saƙo a rubuce ta hannun manaja kaɗai, a kan abin da ba shi cikin takardar kuma ba zai iya jira ba. Idan aka bar wannan a buɗe, kunya za ta hana ta ƙin ɗaukar waya, kuma hutun da doka ta ba ta zai zama aiki daga gida.

Shi ma kashiya yana da nasa rubutun. Ya buɗe littafi tun ranar farko, duk hukuncin da ya yanke, duk alkawarin da ya ɗauka, duk abin da ya sauya, ya rubuta shi a layi ɗaya da kwanan wata. A makon ƙarshe na Fabrairu zai mai da littafin nan takardar miƙa aiki ta biyu, da tsari irin na farkon: ina aka tsaya, me aka yi alkawari, ina shaida, mene ne na gaba. Bayan wata huɗu akantar ce baƙuwa a teburinta, kuma kwana goma kacal ke tsakanin dawowarta da wa'adin harajin albashi na 10 ga Maris.